Sabuwar Waya, Tsohon Layi: Abin da Ke Hana Manhajar Banki Buɗewa a Bukkuyum

Mutum ya sayi sabuwar waya, ya sauke manhajar bankinsa, ya sa lambar sirrin da ya yi shekaru yana sawa ba tare da kuskure ba, sai manhajar ta ce ba ta san wannan wayar ba. Kuɗinsa na nan cikin asusu, ba wanda ya taɓa su, amma hannunsa bai kai gare su. A Gusau ko Sakkwato wannan matsalar rabin yini ce, a shiga reshen banki a fito. A ƙasar Bukkuyum kuwa tana iya zama ta mako guda, domin mutumin Gwashi ko Adabka ko Zugu ba ya fita neman reshen banki sai ya yi lissafin kuɗin mota, da lafiyar hanya, da ko zai dawo gida kafin la'asar.

Yawancin mutane suna ɗora laifin a kan sabis, ko a kan sabuwar wayar, ko su ce banki ya riƙe musu kuɗi da gangan. Wani lokaci sabis ɗin ne. Amma galibi abin da ya faru shi ne bankin ya ɗaure asusun a kan tsohuwar wayar, kamar yadda ake ɗaure akuya a turke, kuma ba zai kwance ba sai an tabbatar masa mai ita ne ya zo. Ina ganin wannan ɗauri daidai ne. Inda nake da magana shi ne hanyar kwancewa, domin an tsara ta ne don mutumin da layinsa ɗaya tun da ya buɗe asusu, sunansa ne a kan layin, kuma reshen banki na bayan gidansa.

Bankuna da yawa sun daɗe suna wannan ɗauri bisa ra'ayin kansu, kowa da irin nasa. A watan Maris na 2026 Babban Bankin Najeriya ya mayar da shi wajibi, ya sa ranar 1 ga Yuli 2026 ta zama ranar fara aiki. Umurnin ya ce manhajar banki ba za ta yi wa mutum aiki a waya fiye da ɗaya a lokaci guda ba, kuma duk wanda ya koma wata waya sai an sake tantance shi. Ya ƙara da cewa a cikin awa 24 na farko a sabuwar waya, abin da zai fita daga asusun ta manhajar ba zai wuce naira 20,000 ba. Ba Najeriya ta fara ba. Babban bankin Malesiya ya umurci bankunan ƙasar da irin wannan a watan Satumba na 2022, wato waya ɗaya ga kowane mai asusu da ɗan jinkiri bayan canjin waya, bayan da 'yan damfara suka addabi jama'a. Singafo ma ta sa jinkirin aƙalla awa 12 a farkon 2022.

To mene ne ainihin abin da aka ɗaure? Nan ne mutane da yawa, har da wasu masu gyaran waya, suke kuskuren fahimta. Suna zaton banki ya rubuta lambar jikin wayar ne, wadda ke fitowa idan an danna `*#06#`. A da wasu manhajoji suna karanta wannan lamba, amma tun fitowar Android 10 a 2019 aka hana manhajoji irin waɗanda muke saukewa ganinta. Abin da ingantattun manhajojin banki ke yi yanzu shi ne, ranar da ka fara shiga, manhajar tana sa wayar ta ƙera wani mabuɗin lissafi mai ɓangare biyu. Ɓangare ɗaya ana aika wa banki ya ajiye da sunanka. Ɗayan yana zama a wani killataccen wuri cikin wayar, inda ko manhajar kanta ba ta iya kwafo shi, sai dai ta roƙi wayar ta sa hannu da shi. Duk lokacin da ka zo shiga, banki yana aiko wata tambaya ta lissafi, wayar ta amsa da ɓangarenta, banki ya gwada da nasa. In sun dace, an san wayar ce.

Daga wannan bayani abubuwa da dama suke fitowa fili. Mai shagon waya yana iya kwashe maka hotuna, lambobin mutane da saƙonni daga tsohuwar waya zuwa sabuwa, yana iya tura maka manhajar bankin ta Xender, amma mabuɗin ba ya bin su. An yi shi ne don kada ya bi. Haka kuma wayarka ta jiya tana iya zama baƙuwa a idon banki yau, in an yi mata filashin, ko an goge ta gaba ɗaya an mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ko ma an cire manhajar an sake sa ta. Wayar ba ta canja ba, amma mabuɗin ya tafi. Sau da yawa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa bai canja waya ba, kuma gaskiya ya faɗa, sai an bincika a tarar makon jiya ya kai ta gyara an wanke ta.

Amfanin wannan tsari shi ne lambar sirri ita kaɗai ba ta isa a saci kuɗi. Lambar sirri abu ce da ake leƙawa. Yaron shago ya ga yatsun maigidansa, wanda ke tsaye a bayanka wurin mai POS ya gani, wani kuma da kansa yake faɗa wa mai taimaka masa saboda bai iya karatun boko ba. In da lambar ce kawai mabuɗi, duk wanda ya ji ta sai ya je ya buɗe asusunka a wayarsa daga Legas ko Fatakwal. Da ɗaurin waya, sai ya haɗa abin da ka sani da abin da ke hannunka. Kuma a yankin da ake ƙwace wa mutane waya a hanya, ake tilasta musu faɗin lambobi, jinkirin awa 24 ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka ɗauke wa layi: shi ne ratar da zai samu ya kai ga wata waya ya rufe asusunsa.

Yanzu a ɗauki misali, a bi shi daki-daki. A ce wani ɗan kasuwar hatsi ne a Nasarawar Burkullu. Ya yi rajistar BVN a 2015, shekarar da aka matsa wa kowa ya yi kafin ƙarshen Oktoba, ya ba da lambar layin da yake riƙe da shi a lokacin. Bayan 'yan shekaru ya bar wannan layi saboda wani kamfanin ya fi kamawa a garinsu. Ya je banki ya cike fom aka mayar masa da alat kan sabon layin, ya dawo gida hankali kwance. Ga shi yau gilashin wayarsa ya mutu, ya kai ta kasuwa ya yi musaya da ciko ya karɓi wata ta hannu, ya sa layinsa. Gobe kasuwa, akwai manoma da dillalai da zai biya naira 450,000.

Ya sauke manhaja, ya sa lambar asusu da lambar sirri, sun shiga. Sai allo ya nuna masa cewa wannan sabuwar waya ce, an aika lambar tantancewa, wato OTP, mai alƙaluma shida. Ya jira, ba ta zo ba. Ya danna a sake aikowa, shiru. Ya hau tudu inda sabis ya fi ƙarfi, ya kashe waya ya kunna, ya sake dannawa, har manhajar ta ce ya yi yawa, ya dakata. Ya kai wa mai gyara ya ce, “Yaro, duba min wagga waya, ta ƙi ni.” In mai gyaran ya san aikinsa, ba zai taɓa wayar ba tukuna. Zai ce, “Alhaji, bari mu karanta abin da ta rubuta.” Domin kusan kowace manhaja tana nuna lambar da ta aika wa saƙon, ta rufe tsakiya da taurari ta bar alƙaluma uku ko huɗu na ƙarshe. A nan amsar take. Alƙaluman da ke allo ba na layin da ke cikin wayar ba ne, na layin 2015 ne.

Abin da Alhaji bai sani ba, kuma ba a faye gaya wa mutane a banki ba, shi ne lambar waya tana zaune a wuri biyu. Akwai wadda ke kan asusu, inda alat ke zuwa, banki ne ke riƙe da ita. Akwai kuma wadda ke kan BVN, wadda ke rumbun NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan. Canja ta farko ba ya canja ta biyu. Wasu bankuna suna aika lambar tantancewa zuwa layin asusu, wasu zuwa layin BVN, musamman idan sabuwar waya ce ko sabon asusu. Shi ya sa mutum zai ce, “Ai alat na shigo min kullum,” kuma duk da haka OTP ba ta zuwa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane wannan tun kafin rana ta ɓaci. A kan layin da kake zaton shi ne na BVN ɗinka, ka danna:

```
*565*0#
```

Za a cire ɗan kuɗi kaɗan daga katin waya. In lambarka ta BVN mai alƙaluma 11 ta fito, layin nan ne ke kanta. In aka ce ba a samu ba, to BVN ɗinka na kan wani layi, kuma ya kamata ka tuna wanne ne tun wayarka na aiki.

Tsohon layin nan bai mutu ya kwanta ba, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ta ba kamfanoni dama, idan layi ya yi wata shida ba a yi komai da shi ba a dakatar da shi, in ya ƙara wasu watanni a haka a sake sayar da lambar ga wani. Wato lambar tantancewar da Alhaji ya yi ta dannawa tana iya kasancewa tana sauka a wayar wani baƙo a wata jiha. Yawancin waɗanda irin wannan saƙo ke zuwa musu sharewa suke yi. Ba duka ba.

Me ya sa wannan ya yi yawa a yammacin Zamfara? Tarihin 'yan shekarun nan ya isa amsa. A farkon Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An buɗe na Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka jira har ƙarshen Nuwamba. A watan Janairu na 2022 aka kai munanan hare-hare ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dubban mutane suka bar gidajensu, kuma wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa neman kwalin sim ko takardar banki. Sai batun haɗa layi da lambar NIN, wanda aka fara a Disamba 2020, aka yi ta toshe layuka kashi-kashi har Satumba 2024. Mutane da yawa da layinsu ya toshe ba su bi dogon layin gyara ba, sabon sim suka saya, sau da yawa wanda aka yi wa rajista da NIN ɗin ɗa ko ƙane ko maƙwabci. A tsakiyar wannan kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya zo, wanda har gwamnatocin Zamfara, Kaduna da Kogi suka garzaya Kotun Ƙoli tare a kansa. A watannin nan ne jama'ar karkara suka ruga buɗe asusun waya, da yawa a teburin mai POS, cikin gaggawa, da duk lambar da ta samu. Duk wanda ya bi ta waɗannan shekaru a Bukkuyum, da wuya a ce layinsa, da NIN ɗinsa, da BVN ɗinsa, da asusunsa suna kan suna ɗaya da lamba ɗaya. Muddin tsohuwar waya na aiki, wannan ɓaraka a rufe take. Ranar canjin waya take buɗewa.

Mu koma ga Alhaji. Abin da ke gabansa biyu ne. Ko ya dawo da tsohon layin, in ba a sayar ba, ko ya je banki a canja lambar da ke kan BVN. Dawo da layi, abin da ake kira walkam-bak, yana buƙatar wanda aka yi rajistar layin da sunansa ya je da kansa, da NIN ɗinsa, a ɗauki hoton fuskarsa ko yatsunsa, ya faɗi lambobin da ya saba kira da kuɗin da ya sa na ƙarshe, wani lokaci har da takardar rantsuwa daga kotu. In layin da sunan ƙanensa ne da ke ci-rani a Neja ko Ibadan, magana ta tsaya har ya dawo. Canja lambar BVN kuwa a reshen banki ake yi, da katin shaida, a cike fom, a gwada yatsa. A nan akwai abin da ya kamata kowa ya ji da kyau: Babban Banki ya ƙayyade cewa daga 1 ga Mayu 2026, sau ɗaya kawai mutum zai canja lambar wayar da ke kan BVN ɗinsa. Don haka kada Alhaji ya ba da layin da ya saya jiya a bakin tasha, ko wanda ke kan NIN ɗin ɗansa. Ya ba da layin da ke kan sunansa, wanda yake da niyyar riƙewa har tsufa. In bai da irinsa, ya fara mallakar sa kafin ya doshi banki.

A ce duk wannan ya wuce, lambar ta zo. Manhajoji da yawa, musamman na kamfanonin kuɗi irin su OPay, PalmPay da Moniepoint, za su nemi ya nuna fuskarsa, ya ƙifta ido ko ya juya kai, a gwada da hoton da ke kan BVN ko NIN. Nan ma ana faɗuwa, amma dalilan ƙanana ne: ɗaki mai duhu, rana a bayan mutum maimakon gabansa, kyamarar gaba da ta yi hazo, rawani ko hula da ta sauko goshi, tabarau, ko sabis da ya yanke ana cikin aika hoton. Hijabi ba ya hanawa in fuska a buɗe take daga goshi zuwa haɓa. A fita inuwa mai haske, a goge kyamara, a tsaya cik. Abin da ba a so shi ne a yi ta gwadawa a wuri ɗaya cikin duhu ɗaya, domin bayan 'yan gwaje-gwaje manhajar tana kullewa, kuma abin da haske zai gyara sai ya koma sai an je ofis. Wanda ya fi wuya shi ne hoton BVN na shekara goma da suka wuce, na saurayi marar gemu ko na mutum kafin ciwo ya rame shi. Wannan sai sabunta hoto a banki.

Akwai kuma inda laifin na wayar ne da gaske, kuma ana gane shi da wuri, domin manhajar ba ta ma kai ka wurin sa lambar sirri. Tana buɗewa ta rufe, ko ta rubuta wani abu mai kalmar `rooted` ko `Developer options`. Manhajojin banki suna tambayar Google ko wannan waya tana nan da tsarinta na asali. Wayar hannu da aka fasa wa kulle aka ɗora mata wani tsari, ko jabu, tana faɗuwa a wannan tambaya. Mai sayen wayar hannu yana iya dubawa tun a shago: ya buɗe Play Store, ya shiga `Settings`, sannan `About`, ya duba ƙarƙashin `Play Protect certification`. In ya ga `Device is certified`, da sauƙi. In ya ga akasin haka, ya ajiye ta komai arharta, in dai don harkar banki yake so. A duba agogon wayar ma, a bar shi yana saita kansa, domin kwanan wata da ya kauce yana hana waya gaisawa da banki. Manhajar kuma a sauke ta daga Play Store. Wadda aka tura daga wayar aboki tana iya zama tsohuwa da banki ya daina karɓa, tana iya zuwa a gutsure, tana kuma iya zama ta bogi da aka ƙera don kwashe lambobi. Na san data na da tsada kuma sabis na wahala, amma nan ba wurin tsimi ba ne.

To Alhaji ya shiga. Ya ga kuɗinsa, ya danna tura naira 450,000, aka ce ya wuce iyaka. Ba abin da ya lalace, awa 24 ɗin nan ce. Naira 20,000 ba ta sayen tunkiya, balle ta sallami manoman da suka kawo kaya tun safe. Iyakar ta shafi manhajar da ke sabuwar waya ce, don haka katin ATM a wurin mai POS, ko lambobin banki da ake dannawa a ƙaramar waya, galibi suna ci gaba da aiki da tasu iyakar. Amma darasin a fili yake: ba a canja waya ranar jajibirin kasuwa. Da Alhaji ya riƙe tsohuwar wayar kwana biyu, ya gyara gilashinta ko da na wucin gadi ne, da abin ya zo da sauƙi, domin wasu manhajoji suna neman amincewa daga tsohuwar waya, kuma ko ba su nema ba, da ita zai biya mutanensa kafin ya yi ƙaura. Musaya da ciko a tsaye, a miƙa tsohuwa a karɓi sabuwa, ita ce ke jefa mutane da yawa cikin wannan hali. A fara tabbatar da sabuwa ta buɗe, awa 24 ta cika, sannan a fita daga manhaja a tsohuwar, a goge ta gaba ɗaya, a sayar.

Wani rukunin da dokar ta taɓa su ne masu shago da yaransu. An saba maigida na da manhaja a wayarsa, yaro ma na da ita a tasa don ya ga shigowar kuɗin ciniki. Yanzu duk wanda ya shiga ya kori ɗayan, kuma kowace shiga tana iya sake tayar da awa 24. Mafita ita ce a raba: asusun shago daban, da na'urar POS ko alat da yaro zai gani, asusun ajiya kuma a wayar maigida shi kaɗai. Haka ma gidan da babbar waya ɗaya ce, miji da mata da ɗa duk a kanta suke shiga banki ɗaya. Wasu manhajoji ba sa yarda da mutum biyu a waya ɗaya, kuma mata ne suka fi cutuwa, domin su ne galibi ba su da waya tasu, su ne kuma tafiya Gusau ta fi yi wa wuya.

Lokacin da mutum ya makale shi ne lokacin da ɗan damfara ya fi samun sa. Ya rubuta kukansa a shafin banki na Facebook, cikin minti kaɗan wani ya kira shi da murya mai ladabi, ya ce daga hedikwata ne, za a buɗe masa yanzu, ya karanto lambar da za ta shigo. Wannan lamba ita ce daidai abin da ɓarawon ke buƙata don ya ɗaure asusun a tasa wayar. Daga nan dokar waya ɗaya ta juya ta zama a kan mai asusu: ɓarawo ne a ciki, shi a waje. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya neman OTP, ba ya neman lambar sirrin kati. Kuma in saƙon tantance sabuwar waya ya shigo maka alhali ba kai ka nema ba, wani ne ke ƙoƙarin shiga, sai a rufe asusu nan take. Bankuna suna da lambar rufewa da ake dannawa daga kowace waya, misali `*901*911#` a Access da `*966*911#` a Zenith. Kowa ya nemi ta bankinsa ya rubuta a takarda, ba a cikin wayar da za a iya ɗaukewa ba. Sim ɗin kansa a sa masa lambar kulle, musamman ga mai barin waya a shagon caji.

Ra'ayina a kan dokar shi ne a bar ta, amma a gyara hanyar komawa. Babban Banki ya wajabta ɗauri, ya kamata ya wajabta wa bankuna hanyar kwancewa da ba ta buƙatar mutum ya bi hanyar Anka zuwa Mayanchi don cike fom na minti goma. Na'urar ɗaukar yatsa da fuska ba ta fi a riƙe a hannu ba, da irinta aka yi wa mutane rajistar sim da NIN a ƙauyuka. Ba abin da zai hana banki ya tantance amintattun wakilai a Bukkuyum, Gummi da Anka, ko ya turo ma'aikata ranakun kasuwa, su gyara lambar BVN su sabunta hoto a gaban mai asusu. Dokar canji sau ɗaya kuma tana buƙatar ƙofa ga wanda aka ƙwace wa waya ko aka kora daga garinsa, domin a wannan yanki rasa layi ba sakaci ba ne kullum. Sai harshe. Saƙon da ke gaya wa mutum dalilin da aka hana shi shiga yana zuwa da Turanci, a taƙaice, wani lokaci bai ma faɗi dalilin ba. Banki da ke karɓar ajiyar Bazamfare yana iya rubuta masa da Hausa cewa an aika lamba zuwa layi kaza, in ba ya hannunka ga abin yi. Wannan jimla ɗaya za ta rage tafiye-tafiye masu yawa.

Wanda ya bi duk matakan nan banki ya ƙi buɗe masa, yana da haƙƙin kai ƙara. Ya fara shigar da koke a bankin, ya karɓi lambar koken ya ajiye. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, ya kai ga Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, wanda ke da reshe a Gusau, ko ya aika ta `cpd@cbn.gov.ng` tare da lambar koken.

Kai kuma mai karatu da wayarka ke aiki lafiya yau, yau ɗin ce ranar dubawa. Danna `*565*0#` a layinka ka ga ko BVN ɗinka na kansa, ka tabbatar da sunan wa aka yi rajistar layin, sannan ka duba wa mahaifiyarka da matarka nasu. In ka tarar da saɓani, ka gyara shi a tafiyarka ta gaba zuwa gari, tun tsohuwar wayar na hannunka.